Rubutun Ƙasan Bidiyo: Yadda Mai Dambu ke Karɓar Oda

Shirinmu na musamman a yau ya leƙa kicin ɗin matan da ke sayar da abinci ta waya. Ba tukunya za a buɗe ba, 'yan layukan nan za a duba waɗanda ake rubutawa a ƙarƙashin bidiyon girki, inda ake jera kayan haɗi a kuma faɗi yadda za a yi oda.

A ɗauki misalin wata mai dambun shinkafa a Kano. Ta ɗauki bidiyo mai kyau: tururi na tashi daga madambaci, zogale ya yi kore shar, man gyaɗa na sheƙi. Ta ɗora a Instagram, ta rubuta "Dambu mai daɗi, a zo inbox". Kafin la'asar saƙonni sun cika mata waya, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce ake maimaitawa. Nawa ne? A wace unguwa kike? Akwai yaji? Tana juya miya da hannu ɗaya tana amsawa da ɗayan, wanda bai samu amsa da wuri ba kuwa ya wuce wajen wata. Da rubutun ya yi aikinsa, da babu wanda zai yi waɗannan tambayoyin.

Instagram na ba da damar rubuta haruffa har 2,200 a ƙasan bidiyo, amma abin da mai kallo ke gani kafin ya danna "more" bai wuce layi ɗaya ko biyu ba. Saboda haka wadda ta ƙware ba ta ɓata layin farko da doguwar gaisuwa. Sunan abinci, gari da ranar da ake yin sa take sa wa: "Dambun shinkafa da zogale, Kano, Juma'a da Asabar." Mutumin Zariya ya gani ya san ba nasa ba ne, na Kano kuma ya buɗe sauran.

Sai kayan haɗi, kuma nan ne ake gane wadda ta san girki. Ga yadda nata zai iya kasancewa: ɓarzajjiyar shinkafa kofi 4, ɗanyen zogale kofi 3, soyayyiyar gyaɗa dakakkiya kofi 1, albasa 2, attaruhu 4, man gyaɗa rabin kofi, dunƙule da gishiri daidai ɗanɗano. A lura da kalmar "ɗanye". Zogale idan ya bushe ƙanƙancewa yake yi, don haka kofin busasshe ya fi kofin ɗanye yawan ganye nesa ba kusa ba, kuma sai an jiƙa shi ko an tafasa kafin a zuba. Matar da ta karanta "zogale kofi 3" kawai, ta auna busasshe ta juye, dambunta zai fito da ɗaci da ƙaiƙayin maƙogwaro, ta dawo ta rubuta cewa girkin ƙarya ne.

Haka ma ma'auni. Idan aka rubuta "mudu ɗaya", wane mudu? Kwanon awo na Kano daban, mudun wani gari daban, tiyar Maradi ma daban. Shi ya sa masu dabara ke komawa ga gwangwanin madara, wanda kowace mace ta san girmansa, ko su rubuta cewa a auna komai da kofi guda, ko wane iri ne. Wani layin kuma da ake yawan mantawa shi ne na tsane shinkafa. Bidiyon daƙiƙa 40 ba ya nuna cewa bayan an wanke ɓarzajjiyar shinkafar sai an bar ta a kwando ta tsane, an turara ta ita kaɗai, an juye an yayyafa ruwa an haɗa da zogale da sauran kaya, sannan a mayar madambaci karo na biyu. Wadda ta zuba ta da ruwa-ruwa, caɓaɓɓen abu za ta kwashe, ba dambu mai warwarewa ba.

Wani zai ce, to mai sayarwa ta tona asirin girkinta, wa zai saya? Ai mai yin oda ba rashin sanin zogale ne ya kawo shi ba. Ɓarza, tsinke ganye, dakan gyaɗa da tsayuwa gaban wuta sau biyu yake gudu. Jerin kayan haɗin kuma yana yi masa wani amfani: mai gyambon ciki ya ga attaruhu ya ce a rage masa, wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ya san dambun nan ba nasa ba ne tun kafin ya tura kuɗi. Gaurayen kayan ƙamshinta na musamman dai, wannan tana iya riƙe abinta.

Ɓangaren oda kuwa, farashi ne kan gaba, kuma shi aka fi ɓoyewa. Wasu na gudun kada 'yar'uwar sana'a ta gani ta karya kuɗi. Amma mai saye da dama, idan bai ga farashi ba, ɗauka yake yi abin ya fi ƙarfin aljihunsa, ko kuma za a dube shi ne a yanka masa. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018 ma ta nemi a bayyana farashin kayan da aka baje don sayarwa. Layi ɗaya ya wadatar: ƙaramar roba kaza, babba kaza, da naman kaza ko kifi a ƙara kaza. Sannan a fayyace cewa kuɗin kai wa daban ne, domin daga Tarauni zuwa Hotoro ba ɗaya yake da zuwa Rijiyar Zaki ba, kuma rigima da ɗan aike a ƙofar gida kan sa mai saye ya daina dawowa.

Dole a sa lokacin rufe oda, misali ƙarfe 8 na daren jajibiri. Dambu mai ganye da albasa ba ya jure zafin watan Afrilu. Abin da aka yi da rana bai ƙare ba, zuwa dare ya fara tsami. Mai dambu na son ta san roba nawa za ta cika kafin ta aika kasuwar 'Yankaba.

Akwai wani kuskure na fasaha da ke cinye ciniki ba a sani ba. Adireshin da aka liƙa cikin rubutun ƙasan bidiyo a Instagram ba ya dannuwa. Sai an sa shi a saman shafi, a rubuta cewa a duba can. Adireshin WhatsApp kuma yana farawa ne da wa.me/234, sai lambar waya ba tare da sifilin farko ba. Wadda ta haɗa da sifilin, mai saye zai danna a ce masa lambar ba ta nan.

Lambar asusu fa? Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da tura kuɗi ko na abincin rana ne. Duk da haka, da yawa ba sa rubuta lambar a fili. Sunan da ke kan asusun suke rubutawa, su ce ba su da wani, saboda 'yan damfara kan kwafi bidiyon mutum su buɗe shafi mai kama da nasa su karɓi kuɗin oda. A nata ɓangaren, mai dambu kan ƙara da cewa ba a ɗora tukunya sai kuɗi sun shiga, kuma ba hoton rasit ko saƙon alat take dubawa ba, manhajar bankinta take buɗewa ta ga ko kuɗin sun ƙaru.

Bidiyo kan yi watanni yana yawo bayan kuɗin shinkafa da man gyaɗa sun sauya. Saboda haka a ƙarshen rubutun take sa watan da aka yi farashin, ko ta koma ta gyara shi, tunda Instagram na barin a sauya rubutu ba tare da an goge bidiyon ba.