Hoton shaidar biya ya iso, waya kuma ta cika

Cikar waya ta fi cutar da ɗan kasuwar da cinikinsa ya koma WhatsApp. A ɗauki misalin wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke Kano. Wata hajiya da ta saba sari a wurinsa ta turo yaronta ɗaukar kaya, sannan ta aiko da hoton shaidar tura kuɗi. Hoton ya fito dishi-dishi da 'yar kibiya a tsakiya. Ya danna, ya ƙi buɗewa, wayar ta ce babu wuri. Ga yaro a tsaye, ga mota tana shirin tashi.

Abin da ya gani ɗan samfuri ne da ke zuwa tare da saƙo. Ainihin hoton sai an sauke shi, saukewa kuwa tana buƙatar gurbi. Irin wannan hoto da wuya ya kai megabait ɗaya, amma wayarsa mai gigabait 32 ta cika maƙil. Manhajar da ke tafiyar da wayar ta riga ta ci kaso mai tsoka, saura kuma bidiyoyin zauruka suka lashe: wa'azi, biki, barkwanci, tallan kaya, duk suna sauka da kansu ba tare da an neme su ba.

Da farko ya bi hotuna yana gogewa ɗaya bayan ɗaya, bai ga canji ba. Dalili shi ne wayoyi da yawa suna ajiye abin da aka goge a kwandon shara har kwana 30, yana nan yana cin wuri sai an zubar da kwandon. Maƙwabcinsa na shago ne ya nuna masa hanya mafi sauri: a WhatsApp a shiga Settings, sai Storage and data, sai Manage storage. Nan ake ware fayilolin da suka haura megabait 5 da waɗanda aka yi ta turawa. Ya goge manyan bidiyoyi kaɗan, hoton ya buɗe. A shafin Storage and data ɗin ne kuma ake hana bidiyo sauka da kansa. Wanda gaggawa ta sa ya danna Clear data a saitin wayar kuwa, zai iya rasa hirarrakinsa, har da lissafin masu bashi, idan bai adana kwafinsu ba.

Buɗewar hoton ba ta kammala ciniki ba. Ana iya ƙirƙirar irinsa, kuma ko na gaskiya ne, kuɗi kan maƙale tsakanin bankuna. Shi ya sa mai atamfar ya ce wa yaron ya ɗan dakata, ya duba asusunsa ta lambar USSD ta bankinsa, wadda ba ta buƙatar data ko gurbi a waya. Da ya ga kuɗin sun shiga, ya sallami kaya.