Kiran tarho na farko daga mai ɗaukar ma'aikata: abin da ake aunawa da yadda ake shirya masa

Idan wata ƙungiya ta yi sanarwar neman tafinta ko mai fassara, takardun da ke zuwa mata sukan fi ƙarfin a zauna da kowane mai su ido da ido. Shi ya sa jami'in ɗaukar ma'aikata yake fara tace takardun, sannan ya kira waɗanda suka rage ta tarho ɗaya bayan ɗaya, kowa minti goma sha biyar zuwa talatin. A wannan kira ba a yanke hukuncin wanda za a ɗauka. Ana tankaɗe ne, don a san wanda ya cancanci a gabatar da shi ga shugaban sashen da ke buƙatar ma'aikacin. Sau da yawa kuma mai kiran bai karanci ilimin harshe ba, bai san bambancin ilimin furuci da ilimin tsarin sauti ba. Abin da ke gabansa takarda ce mai ƴan tambayoyi da yake yi wa kowa, yana rubuta amsa a gefen kowace tambaya. Wanda ya san haka zai daidaita maganarsa da abin da alƙalamin jami'in ke iya kamawa.

Abu na farko da ake dubawa shi ne sharuɗɗan da ba su da makawa: ko mutum ya kammala lisans ɗin da aka nema, ko zai iya zama a garin da aikin yake, yaushe zai iya farawa, ko yana da katin ANPE idan sanarwar ta ambace shi, da kuma albashin da yake tsammani. Waɗannan tambayoyi ne masu gajeruwar amsa, kuma amsar da ba ta tsaya a kan rana ko adadi ba tamkar rashin amsa ce. Wanda aka tambaya yaushe zai fara, ya ce «duk lokacin da kuka ga dama», bai ba jami'in abin rubutawa ba. Wanda ya ce yana da jarrabawa har ƙarshen wata, kuma zai iya farawa ranar ɗaya ga wata mai zuwa, ya cika gurbin.

Batun albashi yana da tarko biyu ga mai jin Hausa da Faransanci. Na ɗaya shi ne bambanci tsakanin albashin da ke rubuce a kwantiragi da wanda ke shiga hannu bayan an cire haraji da kason CNSS. Wajibi ne mutum ya faɗi wanne yake nufi, ya kuma tambayi wanne ake nufi. Na biyu na harshe ne zalla. Ƙidayar kuɗi a Hausar Nijar tana tafiya ne da dala, wato sefa biyar, har «ɗari» a kasuwa ta zama sefa 500, «jika» kuma sefa 1000. Idan zance ya koma Hausa a tsakiyar kira, «dubu ɗari» na iya zama 100 000 a kunnen wani, ya zama 500 000 a kunnen wani. Maganin abin shi ne a maimaita adadin da Faransanci, ko a faɗe shi da jika.

Abu na biyu shi ne ko muryar da ake ji ta dace da abin da aka rubuta a CV. A ɗauki misalin wata ɗaliba da ta gama karatun ilimin harshe a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ta nemi aikin tafinta tsakanin Hausa da Faransanci a wata ƙungiyar kiwon lafiya da ke aiki a karkarar Maraɗi. A takardarta ta rubuta cewa tana da «ƙwarewar fassara», kuma Turancinta yana matakin B2. Jami'in ya ce ta gabatar da kanta. Idan ta faro daga garin haihuwa da makarantar firamare, minti uku za su wuce ba ta iso wurin da yake jira ba. Amsar da ta dace ba ta wuce minti ɗaya, wato kalmomi kimanin ɗari da talatin zuwa ɗari da hamsin, kuma tana da gaɓa uku: abin da ta karanta, aiki ɗaya da ta yi mai kama da wanda ake nema, da dalilin da ya sa wannan gurbi ya dace da ita. Za ta iya cewa ta yi lisans a ilimin harshe, kundinta na kammalawa ya shafi kalmomin cututtukan yara a Hausar Gobir, ta yi wata uku tana aikin koyo a wani gidan rediyon karkara inda take mayar da sanarwar rigakafi daga Faransanci zuwa Hausa sau biyu a mako, kuma abin da ya ja ta ga wannan aiki shi ne zai haɗa ta da matan da suke sauraron irin waɗannan sanarwoyi.

Kowace jimla a cikin wannan amsa tana buɗe ƙofar tambaya, kuma haka ake so. Jami'in zai iya cewa ta ba da misalin wata matsala da ta ci karo da ita a rediyon. A nan ake gane wanda ya yi aikin da wanda ya ji labarinsa. Wadda ta yi aikin za ta tuna wata kalma takamaimai, ta ce a takardar Faransanci an bambanta zafin jiki a matsayin alama da cutar da sauro ke kawowa, alhali «zazzaɓi» a bakin mutane yana iya ɗaukar duka biyun, don haka ta riƙa faɗin «zazzaɓin cizon sauro» a cike duk inda ake nufin cutar, bayan ta tuntuɓi wani ma'aikacin lafiya. Amsar ta ƙunshi halin da aka shiga, abin da ita da kanta ta yi, da yadda aka ƙare. Wadda ba ta yi ba za ta tsaya a kan cewa fassara aiki ne mai wuya da ke buƙatar haƙuri. Shi kuwa B2, mataki ne a ma'aunin ƙwarewar harshe na Majalisar Turai, wanda ya tashi daga A1 zuwa C2, kuma yana nufin mai iya tattaunawa ba tare da yawan tangarɗa ba. Gwada shi ba ya ɗaukar lokaci: jami'in ya juya zuwa Turanci ba sanarwa, ya yi tambaya ɗaya. Da ta rubuta B1 ta kuma nuna B1, da babu abin da ta rasa. Tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da aka ji ita ce take jefa shakka a kan sauran takardar.

Abu na uku, wanda ya fi kusa da fagen masu nazarin harshe, shi ne yadda mutum ke tafiyar da zance inda babu fuska. Tun a 1968 Emanuel Schegloff ya nuna cewa buɗe zancen tarho yana da tsari: ƙarar tarho kira ce, kalmar farko ta mai ɗauka kuma amsa ce. A 1974 shi da Harvey Sacks da Gail Jefferson suka bayyana ƙa'idojin karɓa-karɓar magana, bincike na baya-baya a harsuna da dama kuma ya nuna cewa tazarar da aka saba tsakanin tambaya da amsa ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Saboda haka shirun daƙiƙa uku a tarho dogo ne ƙwarai. A zaure, sunkuyar da kai kafin amsa wa babba ladabi ne, kuma ana ganinsa. A tarho ba a ganin komai, sai mai kiran ya ɗauka rezo ne ya yanke ko tambayar ce ta gagara. Wanda yake buƙatar tunani sai ya faɗi hakan da baki, ya ce a ba shi ɗan lokaci ya tuna misali. Haka ma gyaɗa kai. Wajibi ne a mayar da shi «to» ko «na'am» da ake ji.

Gaisuwa ma tana bin wannan lissafi. Tambayar kwana da gajiya da iyali ginshiƙi ce a zancen Hausa, amma a nan mai kira ne yake riƙe da ma'aunin tsawonta da harshen da za a yi ta. Idan ya faro da Faransanci sai a bi shi, idan ya sako Hausa sai a karɓa. Akwai kuma kunya, wadda take sa mutum ya ce «mun yi» ko «an yi» a inda shi kaɗai ya yi aikin. Wannan «an» ta Hausa, mai ɓoye wanda ya aikata, tana da amfani a wurare da yawa, amma jami'in yana son ya san wa ya fassara sanarwar, kuma idan aka ce «an fassara» ba shi da sunan da zai rubuta.

Shi kansa layin tarho yana taɓa sauti. Layin da aka saba yana wucewa ne da sautin da ke tsakanin 300 Hz da 3400 Hz. Karin sautin Hausa da tsawon wasali suna tsira, domin kunne yana gano kaifin murya daga sassan da suka wuce, amma zuzau irin su s da f, waɗanda yawancin ƙarfinsu yake sama da wannan iyaka, sukan yi kama da juna. Don haka sunaye da lambobi da adireshin imel sun cancanci a maimaita su a hankali.

Shiri kuwa ba shi da yawa. A ajiye sanarwar aikin da CV a inda hannu zai kai, domin kiran yakan zo makonni bayan an aika takarda, mutum ya manta wace ƙungiya ce ma. A ja layi ƙarƙashin sharuɗɗa uku ko huɗu da sanarwar ta nanata, a tanadi labari guda na gaskiya ga kowanne. Masu nazarin harshe suna da wata dabara a hannu da sauran ɗalibai ba su saba da ita ba: su naɗi muryarsu suna amsa tambayar gabatar da kai, su rubuta ta kalma da kalma kamar yadda ake rubuta bayanan fili, su ƙirga daƙiƙoƙi da wuraren da suka yi ta kewaye. Haddace amsa ba ya taimakawa, domin karin muryar mai karanta rubutu daban yake da na mai magana, kuma ana jin bambancin. Idan kira ya sami mutum a bisa kabu-kabu ko cikin hayaniyar tasha, ya halatta ya nemi a sake kira bayan rabin awa, ya faɗi lokacin takamaimai, ya kuma kasance a shirye idan lokacin ya yi.

A ƙarshen kira akan tambayi mai neman aiki ko yana da tambaya. Biyu sun isa: mene ne mataki na gaba, ko akwai gwajin fassara a rubuce, kuma zuwa yaushe za a ji amsa. Idan kuwa mai kiran ne ya kawo maganar a aika kuɗin buɗe fayil ko na horo kafin ganawa, sai a katse zancen, a nemi lambar ƙungiyar ta wata hanya daban, a tambaya ko suna da ma'aikaci mai wannan suna.