Raunin Gaba: Auna Shi Da Maki, Ka Daina Kintace



Da yawa za ka ji an ce "na ɗan samu sauƙi", amma sauƙin nawa ne? Likitoci suna da takardar tambayoyi biyar mai suna IIEF-5. Tana tambaya kan yaƙininka cewa gaba zai miƙe, ƙarfinsa wajen shiga, tsayuwarsa bayan shiga, wahalar riƙe shi har a kammala, da gamsuwarka. Kowace amsa maki 1 zuwa 5 ne, sai a haɗa.

Maki 22 zuwa 25 lafiya lau. 17 zuwa 21 rauni kaɗan, 12 zuwa 16 ya ɗan fi haka, 8 zuwa 11 matsakaici, 5 zuwa 7 mai tsanani.

Misali ka samu 10 a Muharram. Rubuta shi da kwanan wata da maganin da kake sha. A Rajab ka sake cikewa: in ya koma 16, an ci gaba. Tambayoyin na wata shida da suka wuce ne, don haka cikewa duk mako ɓata lokaci ne. In kuma ba ka kusanci iyali ba saboda tafiya ko jego, makin zai yaudare ka.

Takardar ba ta faɗin dalili fa. In maki yana sauka, je asibiti a auna sukari da hawan jini, domin raunin gaba yakan riga ciwon zuciya bayyana.

Allah Ya ƙara lafiya.