Maki Goma Bai Isa A Ce Kana Da Ciwon Damuwa Ba

A asibitoci da yawa a duniya, kafin mutum ya ga likita akan miƙa masa takarda mai tambayoyi tara da ake kira PHQ-9. Tana tambayar yadda ya kasance cikin makonni biyu da suka wuce: ko abubuwan da yake jin daɗinsu sun fita daga ransa, ko yana cikin baƙin ciki, yaya barcinsa, ƙarfin jikinsa da cin abincinsa, ko yana raina kansa, ko hankalinsa yana tsayawa wuri guda, ko motsinsa da maganarsa sun yi sanyi ko kuwa ya kasa zama, sannan ko yana tunanin gara ya mutu ko ya cutar da kansa. Kowace amsa tana da maki daga 0, wato bai taɓa faruwa ba, zuwa 3, wato kusan kullum. Jimilla ba ta wuce 27.

Likitoci kan ɗauki maki 10 a matsayin iyaka. Wanda ya kai nan sai a zauna da shi a bincika sosai. Aikin takardar ke nan, irin na rariya: ta ware waɗanda ya kamata a sake dubawa. Hukuncin cewa mutum yana da ciwon damuwa kuwa, na likita ne.

A binciken da Kurt Kroenke da Robert Spitzer da Janet Williams suka wallafa a 2001, iyakar maki 10 ta kama kashi 88 cikin 100 na masu ciwon, ta kuma wanke kashi 88 cikin 100 na marasa shi. Mu ƙaddara an gwada mutum 1,000, kuma 100 daga cikinsu ne ke da ciwon. Takardar za ta kama 88, ta bar 12 su wuce. Cikin 900 ɗin da ba su da shi kuwa, za ta nuna 108 bisa kuskure. Mutum 196 ke nan suka kai iyaka, amma masu ciwon na gaskiya ba su kai rabinsu ba. In aka sauko da iyakar, za a ƙara kama marasa lafiya tare da ƙarin masu lafiya. In aka ɗaga ta, wasu masu buƙatar taimako za su kuɓuce.

Ga misalin yadda kuskuren ke aukuwa. Wata mai jego tana fama da ƙarancin jini, jariri kuma yana hana ta runtsawa. Ta ba gajiya maki 3, barci 3, cin abinci 2, tattara hankali 2. Jimilla 10. Amma a tambayoyi biyu na farko, na fitar sha'awa da na baƙin ciki, amsarta 0 ce. A ƙa'idar da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke bi, sai an samu aƙalla alamomi biyar cikin tara na tsawon makonni biyu, ɗaya daga waɗancan biyun na ciki, kuma sun hana mutum tafiyar da rayuwarsa. Wannan baiwar Allah awon jini take buƙata da farko. Irin wannan ruɗani ne ya sa aka tsara wa masu jego tasu takardar daban a 1987, wadda ake kira ta Edinburgh, wadda ta fi mayar da hankali kan halin zuciya.

Likita zai tambayi abin da takarda ba ta tambaya. Shin an yi rasuwa kwanan nan? Waɗanne magunguna ake sha? Akwai ciwon jiki da ke kawo kasala? An taɓa yin kwanaki ana jin ƙarfi da zumuɗi fiye da ƙima, ba a ko neman barci? In haka ta taɓa faruwa, mai yiwuwa wani ciwo ne daban, kuma maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar da shi.

Haka kuma ƙaramin maki ba ya wanke mutum. Wani zai ɓoye halinsa don kunya ko gudun a kira shi mai taɓin hankali. Wani zai samu jimillar 6 kawai, amma ya amsa cewa tunanin mutuwa yana zo masa. Wannan ba a duba jimillarsa; a ranar za a zauna da shi a tambaye shi a fili, cikin natsuwa.

Bayan an tabbatar da ciwon, takardar tana da sauran amfani. Maki 5 da 10 da 15 da 20 suna nuna matakan tsanani, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani ƙwarai. Wanda ya fara magani da maki 18, bayan wasu makonni ya sauko 8, shi da likitansa sun ga alamar ana samun sauƙi. In makin ya tsaya cak, sai a sake duba maganin, ko ma a sake tambaya ko ciwon da aka ɗauka tun farko shi ne.