Allurar Insulin da Faɗuwar Sukari a Gadon Asibiti

Insulin kala-kala ne, kowanne da agogonsa. Mai gaggawa, irin su lispuro, yakan fara aiki cikin minti 15, ƙarfinsa ya kai ƙololuwa cikin awa 1 zuwa 2. Insulin garai na yau da kullum sai bayan minti 30, ya yi ƙarfi tsakanin awa 2 da 4. Mai fari-fari kamar madara yana jinkirin awa 1 zuwa 2, ƙololuwarsa daga awa 4 har zuwa 12. Shi kuwa gilajin aikinsa a shimfiɗe yake, kusan awa 24.

Lokacin ƙololuwa ne abin tsoro. A ce an yi wa majinyaci insulin garai da ƙarfe 7 na safe, aka gangara da shi ɗakin hoto bai karya kumallo ba. Wajen ƙarfe 10 sai gumi ya keto masa, hannu na karkarwa, magana ba kan gado. Masu jinya kan ce jiki ne ya motsa, alhali awo ake bukata. In sukari ya gaza milimol 4 a lita, ya faɗi.

Idan yana iya haɗiya, a ba shi sukari giram 15 zuwa 20, wato kamar ƙaramin cokali 4 a ruwa. A sake awo bayan minti 15, a maimaita in bai hau ba, in ya hau a bi da burodi ko tuwo. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, don kada ya shaƙe. Ruwan gulukos ake sa masa ta jijiya, ko allurar gulukagon miligiram 1.