Manhajar da ba a san kamarta ba tukuna: abin da ya faru da FBI tsakanin wotafol da ajayil

A watan Afrilun 2005, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta jingine wata manhaja da ta shafe kusan shekara huɗu ana gina mata. Sunanta Virtual Case File. An kashe kimanin dala miliyan 170 a kanta, kuma shugaban hukumar na lokacin, Robert Mueller, ya shaida wa majalisar dokoki cewa sama da miliyan 100 daga ciki sun tafi ke nan. Kamfanin SAIC da ya yi kwangilar ya rubuta layin umarni sama da 700,000, amma jami'an hukumar suka ci gaba da aiki da takarda da tsohuwar manhajarsu ta 1995.

Abin da ake nema bai yi kama da mai wuya ba. Ana son jami'i ya iya buɗe fayil ɗin bincike a kwamfuta, ya saka bayanan shaidu, ya tura wa na gaba da shi ya amince, wani jami'in da ke wani gari kuma ya iya nemo bayanin. Inda gizo ke saƙar shi ne, hukumar da kanta ba ta san ainihin yadda take son abin ya kasance ba. Da farko, a 2001, nufin shi ne a yi wa tsohuwar manhajar sabuwar fuska kawai. Sai harin 11 ga Satumba ya auku, aka ce a rushe komai a gina sabuwa, kuma a yi sauri.

Hanyar da aka bi ita ce wadda masu sana'ar ke kira wotafol. Aiki ne hawa-hawa: a fara rubuta duk buƙatu, a sa hannu, a zana tsari, a rubuta manhajar, a gwada ta, sannan a miƙa wa mai ita. Ba a shiga hawa na gaba sai an rufe na baya. Shugabanni da masu ba da kwangila suna son wannan hanya, kuma suna da hujja, domin tun ranar farko akwai farashi, akwai ranar gamawa, akwai takardar da za a riƙe ɗan kwangila da ita. Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan zato guda, cewa abin da aka rubuta a hawa na farko daidai ne.

A aikin FBI kundin buƙatun ya kai shafi 800. Girmansa bai hana a yi ta sauya shi ba: cikin shekara guda, daga ƙarshen 2002 zuwa ƙarshen 2003, hukumar ta aika da buƙatun sauyi kusan 400, alhali ana tsakiyar rubuta manhajar. Masu jagorantar aikin a ɓangaren hukumar ma sun yi ta canzawa. Da SAIC ya kawo kayan a Disambar 2003, FBI ta ce ba su yi ba, kamfanin kuma ya ce sauye-sauyen hukumar ne suka jawo. Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya. Amma babbar ɓarnar ita ce lokacin da aka gano matsalar, domin an gano ta ne bayan an kashe kuɗin.

Ba sabon gargaɗi ba ne. Injiniyan da aka fi jingina wa wannan tsari, Winston Royce, ya zana hawa-hawan a wata maƙala ta 1970, kuma a cikinta ya bayyana cewa bin su sau ɗaya tak yana da haɗari, saboda gwaji yana zuwa a ƙarshe. Shawararsa ita ce a fara gina ƙaramin samfuri a koyi darasi, kuma a riƙa sa mai kayan a cikin aikin. Mutane da yawa sun ɗauki zanen, suka bar gargaɗin.

FBI ta sake gwadawa. A Maris ɗin 2006 ta ba kamfanin Lockheed Martin kwangilar sabuwar manhaja mai suna Sentinel, kan ƙiyasin dala miliyan 425, a kashi huɗu, da nufin gamawa a ƙarshen 2009. Raba aikin gida huɗu ci gaba ne, amma kowane kashi ya yi girman da zai ɗauki watanni masu yawa kafin a ga sakamakonsa. Zuwa Agustan 2010 an kashe kusan miliyan 405 daga kasafin da ya riga ya hau zuwa miliyan 451, kuma ba a wuce kashi na biyu ba.

A nan ne hukumar ta sauya hanya. Jami'anta biyu masu kula da fasahar sadarwa, Chad Fulgham da Jeff Johnson, suka dawo da ragamar aikin cikin gida, suka rage ma'aikata daga ɗaruruwa zuwa kimanin hamsin, suka zaunar da su wuri ɗaya a ƙasan hedikwatar hukumar da ke Washington. Suka ɗauki tsarin ajayil, wanda wasu masana manhaja 17 suka rubuta ƙa'idojinsa a Fabrairun 2001 a Snowbird ta jihar Utah, kuma suka bi reshensa da aka fi sani, wato Sikiram.

Ga yadda abin yake a aikace. An yayyanka sauran aikin zuwa ƙananan buƙatu 670, kowacce an rubuta ta daga bakin mai amfani da manhajar. Misalin irinta shi ne a ce jami'i yana son ya rubuta rahoton hirarsa da shaida, a fom ɗin da suke kira FD-302, ya tura wa shugabansa ba tare da ya buga takarda ba. Ana jera buƙatun bisa muhimmanci. Kowane mako biyu zango ɗaya ne: ƙungiyar ta ɗauki wasu daga saman jerin, ta gina su, ta gwada su, a ƙarshen zangon ta nuna abin da ke aiki a allo. Abin da bai ci gwaji ba, ba a lissafa shi a matsayin an gama. In jami'in da ya kalla ya ce ba haka suke yi a ofis ba, asarar ta mako biyu ce.

Wannan tsari yana ba da wani abin da rahoton "an kai kashi 70 cikin ɗari" ba ya bayarwa, wato ma'aunin gudu na gaskiya. An tsara zango 21. Buƙatun ba girmansu ɗaya ba, amma in aka yi lissafi a dunƙule, 670 a raba gida 21 ya kama kusan 32 a kowane zango. A ɗauka wata ƙungiya mai irin wannan jeri ta yi zango uku tana gama 20 kacal a kowanne. Tun mako na shida kowa ya san aikin zai ci zango kusan 34, kuma mai kuɗi yana da zaɓi: ya ƙara lokaci, ko ya yanke buƙatun da ke ƙasan jerin. A wotafol irin wannan labari yakan fito ne a watannin ƙarshe.

An buɗe Sentinel ga dukkan ma'aikatan hukumar ranar 1 ga Yulin 2012, kuma bisa lissafin FBI bai tsallake kasafin miliyan 451 ba.

Masu tallar ajayil suna son tsayawa a nan, amma ragowar labarin yana da amfani ga mai zaɓe. Ƙungiyar ta yi alkawarin gamawa a Satumban 2011, ta makara da watanni tara. A Oktoban 2011, da aka sa ma'aikata sama da 700 su gwada manhajar lokaci guda, sai ta tsaya, domin tsofaffin na'urorin da take kai ba su iya ɗaukar nauyin ba, sai da aka sayi sababbi. Nunin ƙarshen zango yana bayyana ko maɓalli yana yin abin da ake so, amma ba ya bayyana abin da zai faru in dubban mutane suka shiga tare. Adadin masu amfani kuwa abu ne da aka sani tun farko, irin wanda ake lissafawa a takarda kafin a fara. Ban da haka, ƙungiyar ba daga sifili ta tashi ba. Ta gaji abin da Lockheed Martin ya gina, ta kuma gaji shekara tara na koyon abin da jami'ai ke buƙata, darasi mai tsadar gaske.

Saboda haka tambayar da ta kamata a fara yi ita ce wane irin rashin sani ake fama da shi. Akwai wanda tambaya ke kawar da shi. Manhajar biyan albashi, alal misali, dokokin haraji da na fansho ne ke tafiyar da ita; in buƙatunta ba su fito fili ba, to ba a zauna da akanta ba ne, kuma makonni kaɗan na bincike za su wadatar a rubuta kundin da zai tsaya. A irin wannan wotafol yana aiki lafiya. Akwai kuma rashin sanin da ba ya gushewa sai an ga abin, kamar mai ɗinki da ba zai san rigar ta matse shi a kafaɗa ba sai ya sa ta a gaban tela. Jami'in da ya yi shekara ashirin yana aiki da takarda ba zai iya fayyace yadda yake son allo ya kasance ba, ko da an yi masa tambaya ɗari. Alamar wannan nau'in a bayyane take: mutum biyu masu aiki iri ɗaya suna ba da amsa daban, ko kuma buƙatun sauyi sun fara kwarara tun tawadar sa hannu ba ta bushe ba.

Abu na biyu shi ne tsadar gyara. Sauya jerin akwatuna a allo aikin kwana ɗaya ne. Sauya tsarin tsaro, ko fasalin rumbun bayanai, ko na'urar da aka riga aka ƙera dubbanta, wani abu ne daban. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa ke haɗa hanyoyin biyu: su tsayar da sassan da ke da wuyar sauyawa tun farko, da natsuwa da rubutu, sauran kuma su bi zango-zango.

Sharaɗi na uku shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ajayil yana buƙatar mutum daga ɓangaren mai kayan, wanda ya san aikin, yake da lokacin zuwa duk mako biyu, kuma yake da ikon cewa wannan ta riga waccan ba tare da jiran zaman kwamiti ba. In babu shi, ƙungiyar za ta yi ta cika zanguna da zato, kuma alamar hakan ita ce ranar nuni babu kowa a ɗakin sai masu rubuta manhajar. Haka nan kwangilar da ta ƙayyade farashi da rana da kowace buƙata ba ta barin a sauya jeri, ko da ma'aikata suna taron safiya kullum suna kiran aikinsu ajayil. Hukumar da dokar sayen kayanta ta tilasta irin wannan kwangila tana da mafita: ta fara ba da ƙaramar kwangila ta wata biyu ko uku don a gina samfurin da ma'aikatanta za su taɓa da hannunsu, sannan ta rubuta babbar kwangilar daga abin da suka faɗa.