Ƙarin Farashi: Yadda Ake Tace Sanarwa Kafin Ta Isa Ga Kwastoma

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuma darajar naira ta faɗi bayan haka, da wuya ka sami ɗan kasuwar da bai taɓa sanar da ƙarin farashi ba. Mai wucewa ba ya buƙatar sanarwa, in ya ji kuɗi sun yi masa sai ya saya, in ba su yi ba ya ƙara gaba. Amma kwastoman yau da gobe daban yake, domin a kan farashinka ya gina nasa lissafin. Abu uku yake nema a sanarwarka: me ya sa, yaushe za a fara, kuma me zai ci gaba yadda yake.

Bari mu ɗauki gidan burodi a Kano da ke kai wa masu shayi da masu kanti kaya kowace safiya. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne kawai. Ga irin saƙon da aka saba gani:

"Muna ba abokan cinikinmu masu daraja haƙuri. Kamar yadda kowa ya sani, abubuwa sun yi tsada a ƙasa, mun yi iya ƙoƙarinmu amma abin ya fi ƙarfinmu. Don haka za a ɗan sami canji a farashin wasu kayanmu nan ba da jimawa ba. Muna fatan za ku fahimce mu."

Saƙon yana da ladabi, amma mai shayin da ya karanta shi bai ƙaru da komai ba. Bai san wane burodi ake nufi ba, bai san nawa za a ƙara ba, bai san ranar da zai tanadi ƙarin kuɗi ba. Rigimar da saƙon ya kauce wa, yaron da ke kai kaya ne zai sha ta a bakin tebur da asuba.

Dalili

"Abubuwa sun yi tsada" ba dalili ba ne, domin kwastoman ma a kasuwar yake. Dalilin da ake yarda da shi shi ne wanda mutum zai iya zuwa Kasuwar Singa ya tabbatar. A ce buhun fulawa mai kilo 50 ya tashi daga naira 50,000 zuwa 58,000, kuma ana fitar da babban burodi 100 daga kowane buhu. Ke nan fulawa kaɗai ta ɗora naira 80 a kan kowane burodi. In sukari da man mota suka ƙara naira 30, jimla ta zama 110. Mai gidan burodi ya yanke shawarar ƙara naira 100, daga 900 zuwa 1,000.

Wannan lissafin na mai gida ne, ba sai ya zazzage shi duka a sanarwa ba. Ya isa ya ambaci abu ɗaya ko biyu mafi nauyi, da tsohon farashinsu da sabo. Jera dalilai bakwai, daga haya zuwa albashin ma'aikata, yana sa mai karatu ya yi zargin ana neman hujja ne. Kuma a lura: duk wanda ya ce fulawa ce dalili, ranar da fulawa ta sauko za a tuna masa. Saboda haka kada a rubuta dalilin da ba a shirya tsayawa a kansa ba.

Ranar farawa

"Wata mai zuwa" kalma ce mai jawo gardama a ƙasar Hausa, domin wani watan Musulunci yake ƙirgawa, wani na boko. A rubuta sunan rana da kwanan wata tare. Sannan a fayyace abin da ranar ta shafa: kayan da aka kai ranar ne, ko odar da aka bayar ranar? Wanda ya biya kuɗin mako tun kafin sanarwa fa? Bashin da ake bin mutum, da wane farashi zai biya? Adalci shi ne kayan da aka riga aka karɓa ko aka biya su tsaya a tsohon farashi, kuma a faɗi hakan ɓaro-ɓaro.

Tazarar da za a bayar ta danganta da yadda ake biyan kuɗi. Ga kayan da ake saye kullum, mako guda ya isa mai shayi ya sanar da nasa mutanen. Ga mai biya wata-wata, kamar mai kwangilar kai abinci ofis, a ba shi wata cikakke. Tazara mai tsawo ma tana da illa ga kayan da ke ajiyuwa, irin su sabulu ko shinkafa, domin wasu za su kwashe su a tsohon farashi.

Abin da bai canza ba

Nan ne aka fi mantawa, alhali shi ke riƙe kwastoma. Da ya ji ƙari, abin da ke zuwa masa a rai shi ne ko nauyin burodin ma zai ragu, ko za a daina ba shi kaya ya biya da yamma, ko za a daina karɓar kwantai. In ba a ce komai ba, zai ɗauka duk sun tafi. Mai shayi yana yanka burodi gida-gida kullum, don haka ba a iya ɓoye masa ragin nauyi. In za a rage, a faɗa. In ba za a rage ba, a rubuta. Sai dai a guji alkawarin "ba za mu sake ƙari ba bana", domin farashin fulawa ba a hannun mai gidan burodi yake ba.

Ga sanarwar bayan an tace ta:

"Assalamu alaikum. Daga kayan safiyar Litinin, 1 ga Satumba, babban burodi zai koma naira 1,000 daga 900. Dalili: buhun fulawa ya tashi daga 50,000 zuwa 58,000, ga ƙarin sukari da man mota. Ƙaramin burodi yana nan a farashinsa. Nauyi bai canza ba, za mu ci gaba da kawo kaya kyauta, biya da yamma da karɓar kwantai suna nan. Bashin baya da kuɗin da aka riga aka biya duk a tsohon farashi suke. Mun gode, Allah ya bar zumunci."

Kafin a tura, a karanta wa yaron da ke kai kaya sau ɗaya, a tambaye shi nawa ne, yaushe ne, me bai canza ba. In ya yi inda-inda, da sauran gyara. Manyan kwastomomi a kira su a waya tukuna. Sauran a tura musu ta WhatsApp, a haɗa da saƙon murya don waɗanda ba sa karatun boko, a kuma manna kwafi a ƙofar shago, duk da kalmomi iri ɗaya. In bayan haka waya ta yi ta ƙara ana tambayar "yaushe?" ko "nawa?", laifin na sanarwar ne, sai a gyara ta kafin ranar ta zo.